Dalilin da ya sa barkono ke ƙona baki da dubura

"Me ya sa barkono ke ƙona baki, kuma ya sake yin zafi lokacin bayan gida?"

Malam, yaji ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko ɗaci, jijiyoyin jin ciwo ne suke ɗaukarsa. A cikin barkono akwai sinadarin kafsaisin, wanda ke manne wa wata ƙofa a jikin waɗannan jijiyoyi mai suna TRPV1. Ainihin aikin ƙofar shi ne buɗewa idan zafi ya kai kusan digiri 43, amma kafsaisin yakan buɗe ta ko da babu zafi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa baki ya ƙone, alhali naman lafiyarsa ƙalau.

Ba dukan sinadarin hanji ke tsotsewa ba, musamman idan an ci da yawa, domin yakan hanzarta tafiyar abinci. Ragowar takan fita da bayan gida, kuma fatar bakin dubura cike take da irin jijiyoyin nan, shi ya sa zafin ke dawowa. Ruwa, a ganina, ɓata lokaci ne, tunda kafsaisin a cikin maiƙo yake narkewa; madara ta fi kwantar da baki.