Code postal na Damagaram, wace lamba ce?

"Salam, ina cika takardar neman makaranta a waje, sun ce in sa code postal. In sa BP ɗin shagon yayana ko 227?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka sa ko ɗaya cikinsu. 227 lambar kiran waya ce ta Nijar, BP kuma lambar akwati ce da mutum ke haya a gidan waya, ba ta nuna gari. Ni ma na taɓa sa BP ɗinmu a gurbin nan, sai da takardata ta dawo.

Lambar wasiƙa a Nijar alƙaluma huɗu ne, Niger Poste ke bayar da ita, kuma na farkon shi ke nuna jaha, Damagaram 7, Maraɗi 4, Yamai 8, shi ya sa a birni za ka rubuta 7000 Zinder, sai BP a layin adireshi. In ka ga alƙaluma shida to ta Najeriya ce, ka duba ƙasar da ka zaɓa.

Akwai kuma NE-7, wannan hukumar ISO ta ware ma jahar gaba ɗaya, ta ƙididdiga da kwamfuta ce, ba ta kai wasiƙa.

Amma in a Mirriya ko Magarya kake, ka leƙa gidan wayarku su faɗa maka taku kafin ka tura.