Me ya sa antibodin wata na huɗu ya fi na makon farko kama ƙwayar cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗaliba ce mai karatun gwaje-gwajen asibiti. An koya mana gwajin ƙarfin kamun IgG, wai idan kamun ya yi rauni sabuwar kamuwa ce, idan ya yi ƙarfi tsohuwa ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya antibodi zai ƙara ƙarfi? Shi ne yake canjawa a cikin jini, ko kuwa wani daban jiki yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗaliba. Wani daban ne. Antibodin da ya riga ya shiga jini ba ya gyaruwa, yadda aka saƙa shi haka zai ƙare, kuma rabin IgG ɗin da ke yawo yau zai ƙare cikin kamar mako uku. Abin da ke canjawa shi ne ƙwayoyin B masu yin sa. Jiki yana ɗaukar zuriyarsu ya yi ta sauya musu rubutun DNA da ka, sannan ya bar waɗanda suka dace su rayu, sauran su mutu.

A kwanakin farko na ciwo, ƙwayoyin B ɗin da suka ɗan gane baƙon abu suna rabuwa gida biyu. Wasu su yi gaggawar zama masu zubo antibodi, galibi IgM, mai raunin kamu amma mai zuwa da wuri. Wasu kuma su shige cikin kaluluwa ko saifa su kafa wani ɗan dunƙule da ake kira cibiyar tsiro, wato jaminal santa a bakin ma'aikatan asibiti. Tana bayyana wajen mako guda da shigar cutar, ta cika ta batse wajen mako na biyu. Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi idan ya yi gyambo a ƙafa, wani ɓangare na kumburin nan wannan aikin ne.

Cibiyar tana da sashe biyu. A na farko ƙwayoyin sun cunkushe har wurin ya yi duhu a madubin likita, shi ya sa ake ce masa sashe mai duhu. A nan ƙwayar B take rabuwa duk bayan awa shida zuwa goma sha biyu, kuma a nan take kunna wani inzayim mai suna AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ya gano a 1999. Aikinsa ɗaya ne. Yana zuwa kan DNA ɗin da ke ɗauke da rubutun bakin antibodi, wato gefen da ke kama antijin, baƙon abin da antibodi ke ganewa, ya mayar da harafin C ya koma U. Shi kuwa U ba shi da gurbi a DNA, saboda haka sai masu gyara su rugo. A ko'ina cikin jiki gyaran nan tsaf ake yin sa, amma a nan masu gyaran da ake turowa masu yawan kuskure ne. Wani lokaci a kwafi U ɗin a matsayin T, wani lokaci a cire shi a cusa duk harafin da ya samu, wani lokaci a yanke har da na maƙwabta a sake rubutawa da kurakurai. Sakamakon shi ne canji kamar ɗaya a cikin kowane harafi 1,000 a duk rabuwa, kusan ninki miliyan na abin da sauran DNA ɗin jiki ke fuskanta. Da yake rubutun bakin antibodi haruffa ne kamar 700, ana iya cewa kusan kowace rabuwa ɗaya ko biyu tana barin sabon canji.

A nan nake so ki tsaya sosai, domin nan ɗalibai da yawa suke baudewa. AID bai san ƙwayar cutar ba, bai taɓa ganin ta ba, ba ya nufin gyara komai. Yawancin canjin da yake haifarwa ko dai ba ya tsinana komai, ko kuma ya ɓata. Ga misalin da aka fi sani, daga gwajin ɓeraye da ɗakin binciken Klaus Rajewsky a Jamus ya yi a shekarun 1980. An yi wa ɓeraye allurar wani ɗan sinadari mai suna NP, aka ga akasarin ƙwayoyin B da suka amsa suna amfani da rubutu guda mai suna V186.2. A gurbi na 33 na wannan rubutu akwai TGG, wanda ke nufin amino asid tiriftofan. Idan harafin tsakiya ya koma T aka sami TTG, sai lusin ya maye gurbinsa, ƙarfin kamun ya ninka kusan sau goma. Harafi ɗaya tak. Amma idan wannan harafin dai ya koma A aka sami TAG, wannan alamar tsayawa ce, sarƙar antibodin ta yanke a nan, ƙwayar ta rasa abin da za ta ɗora a fatarta, ta mutu. Duk da haka, idan aka duba ɓerayen bayan makonni sai a tarar masu lusin sun yi rinjaye, a ɓeraye daban-daban. Ba yawan samun canjin ne ya kawo haka ba, zaɓe ne.

Zaɓen yana faruwa a sashe na biyu, mai haske. A can akwai wasu ƙwayoyi masu dogayen rassa da ke riƙe da guntattakin antijin a jikinsu, su riƙe shi makonni har watanni. Ƙwayar B ta iso da sabon antibodinta a fatarta, ta kama antijin ta fizge shi. Mai ƙarfin kamu ta fizgo da yawa, mai rauni ta sami kaɗan ko ta tashi hannu banza. Abin da ta fizgo sai ta haɗiye, ta daddatsa, ta baje guntayen a fatarta domin wata ƙwayar T mataimakiya ta gani. Waɗannan ƙwayoyin T ba su da yawa, a kansu ake gasar. Wadda ta fi baje antijin ita za ta fi daɗewa manne da ƙwayar T, ta karɓi saƙon rayuwa ta hanyar CD40 da sinadarin IL-21. Gabriel Victora da Michel Nussenzweig sun nuna a 2010 cewa wannan taimakon na ƙwayar T shi ne yake yanke hukunci. Wadda ta samu da yawa tana komawa sashe mai duhu ta yi rabuwa da yawa, wadda ta samu kaɗan ta yi 'yar kaɗan, wadda ba ta samu ba ta mutu a cinye gawarta nan take. Mutuwar ba kaɗan ba ce, an auna a ɓeraye cewa har kusan rabin ƙwayoyin cibiyar na iya mutuwa cikin awa shida.

Kamar manomi ne da ke ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri, baɗi ya shuka ya sake warewa. Bambancin shi ne nan damina ba ta kai kwana ɗaya ko biyu ba, kuma ma'aunin yana tsananta. Antijin yana raguwa, antibodin da aka riga aka zuba a jini yana rufe wani sashe nasa, don haka wadda ta ci jiya ba lallai ta ci yau ba. Daga cikin waɗanda suka tsallake, mafiya ƙarfin kamu sukan zama ƙwayoyin filasma su tafi ɓargo su zauna suna zubo antibodi shekaru, wasu kuma su fita a matsayin ƙwayoyin tunawa. A hankali sai antibodinsu ya maye gurbin na farko a jini. Herman Eisen da Gregory Siskind sun auna wannan hauhawar a jinin zomaye tun 1964, shekaru kafin a san dalilinta.

Shi ne abin da gwajinku yake gani. Ana zuba ruwan jini ɗaya a rami biyu, a wanke ɗaya da yuriya a bar ɗayan. Yuriya tana kakkaɓe antibodi mai raunin kamu, mai ƙarfi ya tsaya. Sai a raba karatun wanda aka wanke da na wanda ba a wanke ba. Amma ki kula da yadda ake fassara shi, musamman ga mai ciki da ake yi wa gwajin tokzofilasma. Kamu mai ƙarfi yana nuna cutar ta shiga tun kafin kamar wata huɗu da suka wuce, gwargwadon kayan gwajin da aka yi amfani da su. Kamu mai rauni kuwa ba hujja ce ta sabuwar kamuwa ba, domin a wasu mutane yana zama da rauni har fiye da shekara. Kada a tayar wa mace hankali da shi shi kaɗai.

A ganina, cewa antibodi yana inganta "lokacin ciwo" yana ɗan ruɗarwa. A ciwon da ke wucewa cikin kwana goma, antibodin gaggawa da sauran sassan garkuwa ne suke yin yawancin aikin, ribar cibiyar tsiro tana zuwa ne ga haɗuwa ta gaba. Cibiyar ma ba ta rufewa da warkewar mutum. Ɗakin binciken Ali Ellebedy a Amurka ya zuƙo samfuri daga kaluluwar hammatar waɗanda aka yi wa rigakafin korona, ya tarar cibiyoyin suna aiki har wata shida bayan allurar.

Mu da ke yankin sanƙarau mun ga abin da rashin wannan aikin ke jawowa. Tsohuwar rigakafin sanƙarau sukarin ɓawon ƙwayar cutar ne zalla, ƙwayar T kuwa guntayen furotin take gani. Ba taimakon T, ba cibiyar tsiro ta kirki, sai kariya ta 'yan shekaru wadda ba ta kama ƙananan yara sosai. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, an ɗaure sukarin ne da furotin na rigakafin sarƙewar haƙora, wato tetanus. Ƙwayar B ta kama sukarin, ta haɗiye har da furotin, ta sami abin nuna wa ƙwayar T.

Kunna inzayim mai ɓata DNA da gangan yana da haɗari. Canjin na iya sa antibodi ya koma kama naman jikin mai shi, kuma ba duka irin waɗannan ake tacewa ba. AID kuma yakan kauce ya taɓa wasu wurare. Idan ya jawo karyewa a kuromozom na 8 inda rubutun MYC mai sa ƙwaya rabuwa yake, aka liƙa shi da rubutun antibodi a kuromozom na 14, sai a sami ƙwayar B da ba ta daina rabuwa. Wannan ne dajin Burkitt, wanda Denis Burkitt ya bayyana a yaran Yuganda a 1958, mai yawan kumbura muƙamuƙi ko ciki. Ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da ƙasashenmu, domin maimaita zazzaɓin yana sa cibiyoyin tsiro su daɗe a buɗe da AID a kunne, ga kuma bairos ɗin EBV da ke taimaka wa ƙwayar da ta lalace ta tsere wa mutuwa. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙoransa suka fara girgiɗa, a hanzarta kai shi babban asibiti, domin dajin nan yana saurin girma amma yana jin magani idan an fara da wuri.