Na yi mafarki kishiyata tana ba ni fura: sammu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birni, nan Damagaram, ina da ciki wata biyar, kuma bara na yi ɓari. Sau uku ke nan ina mafarki abokiyar zamana ta miƙo mini fura a ƙwarya ina sha. Bayan na farkon, gwaggona ta kai ni wajen wani mutum, ya ce sammu ake ba ni cikin barci, sai na kawo jaka 25 da baƙar kaza a karya shi. Yanzu ba na iya cin girkinta, barci ma tsoro yake ba ni. Yaya zan gane ko mafarkin nan na gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, Allah ya sauke ki lafiya, ya mayar miki da alherin abin da kika rasa bara. Ki riƙe kuɗinki, ki bar kaza ta ci gaba da kiwonta, kuma ki ci abinci, domin mai ciki wata biyar da ta daina cin girkin kwana biyu cikin huɗu ita ce cikin haɗari na zahiri.

Kin san rabon da ya zo a hadisi: mafarki uku ne, akwai bushara daga Allah, akwai baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum yake zantawa da ransa a farke ya je ya gan shi a barci. Aikin duka shi ne sanin kwandon da za a sa naki. Ni idan aka kawo mini mafarki, ba na fara da abin da aka gani. Tambayar mai shi nake yi yadda ya wuni, da abin da ya ci, da abin da ke cin ransa.

To mu bi naki haka. Fura abin da kike gani ne kullum, kuma hannun da ya miƙo miki ita hannu ne da ke miƙo miki abinci duk ranar girkinta. Babu baƙon abu ko ɗaya a cikin hoton. Kina da ciki, mai ciki kuwa yunwa da ƙishirwa na tashinta cikin dare, fitsari na katse mata barci, wanda kuma ya farka a tsakiyar mafarki shi ne ke tuna shi daki-daki. Ga tsoron ɓarin bara da kike kwana da shi. Sai babbar alamar, wadda ke cikin maganarki ke da kanki: mafarkin farko ya zo, aka kai ki wajen mutumin nan, ya saka miki kalmar sammu a kunne, sannan na biyu da na uku suka biyo. Mutane na ɗaukar maimaituwa a matsayin shaida. A wajenki maimaituwar ta nuna ne kawai cewa kin wuni kina juya maganar. Na farkon ya fi kama da zancen zuci. Biyun da suka biyo tsoro ne ya haife su, Shaiɗan kuma ya samu ƙofa a buɗe.

Mafarkin gaskiya, wanda ake kira ru'uya, yana da tasa kama. Yakan zo a tsare, ba ya tsalle daga rijiya zuwa kasuwa zuwa gidan biki. Yakan zauna a zuciya da daɗewa ba tare da ya dushe ba. Sau da yawa ba shi da alaƙa da abin da mutum ya kwana yana tunani. Ko gargaɗi ya ƙunsa, yana tura mai shi ga tuba da gyara, yana barin sa da natsuwa. Kuma halin mai mafarkin yana da nauyi, domin hadisin Muslim ya ce wanda ya fi gaskiyar mafarki shi ne wanda ya fi gaskiyar zance. Dubi na Annabi Yusufu: taurari 11 da rana da wata, gajere, a tsare, yaro ya riƙe shi shekara da shekaru har ya ga fassararsa. Waɗannan alamomi ne na rinjaye, ba sa ba da yaƙini. Sayyidina Abubakar da kansa ya fassara mafarki a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya dace a wani sashe ya yi kuskure a wani. In haka ta faru ga Abubakar, ina ga mutumin da ya yanke miki hukunci kafin ki gama zama a kan tabarmarsa?

Yanzu bari in zo kan abin da ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini shi. Mutanenmu sun ɗauka cewa fuskar da aka gani a mafarki, mai fuskar ne ya zo. An ga kishiya, kishiya ce. An ga uwar miji, ita ce. An ga tsohuwar da ke maƙwabtaka, shi ke nan ta zama mayya. Wannan ba tabbas ba ne a ilimin ta'abiri, wato fassarar mafarki. Annabi ya ce wanda ya gan shi a mafarki haƙiƙa ya gan shi, domin Shaiɗan ba ya iya ɗaukar siffarsa. Wannan kariya tasa ce. Abokiyar zamanki ba ta da ita, ni ba ni da ita. Shaiɗan na iya aro fuskar duk wanda ya ga dama, kuma wace fuska zai aro wa matar aure in ba wadda za ta fi saurin rushe gidan ba? Ya zo a Muslim cewa cikin rundunar Iblis, wanda yake jawowa kusa da shi ya yaba masa shi ne wanda ya raba miji da matarsa. To ga shi an yi masa aikin, har ana neman ki biya jaka 25 ladan aiki.

Na san wata dattijuwa a wata unguwa a garin nan, ba zan faɗi ko wace ba. Yarinyar maƙwabta ta yi zazzaɓi mai zafi da damina, ta farka tana kuka ta ce ta ga tsohuwar tana jan ƙafarta. Wanda duk ya taɓa kwanciya da zazzaɓin cizon sauro ya san irin abin da ake gani a cikinsa. Aka kai yarinya likita, ta sha magani ta warke cikin kwanaki. Ita kuwa tsohuwar ba ta warke ba. Aka daina sayen ƙosanta. Na wuce da safe na gan ta zaune gaban kasko, mai na tafasa, ƙosai ya cika kwano, yaran da da suke layi da kuɗinsu suna ratsewa ta ɗaya gefen hanya. Daga baya ɗanta ya zo ya tafi da ita ƙauye. Har yau babu wanda ya je ya nemi gafararta, kuma wannan haƙƙi yana nan yana jiran masu shi.

Malamai sun yi ittifaƙi cewa mafarkin wanda ba Annabi ba ba ya tabbatar da hukunci. Alƙali ba ya karɓarsa shaida a kan kaza, balle a kan tuhumar sihiri, wanda yake cikin manyan zunubai masu halakarwa. Allah ya ce a Suratul Hujurat mu nisanci da yawa daga zato, domin wani sashen zato zunubi ne. Idan kika ce a ranki “ita ce”, kin ɗora wa musulma laifi mafi muni ba tare da ta yi komai a gaban idonki ba. Sihiri akwai shi, ban musa ba. Amma ba da mafarki ake nuna wanda ya yi shi a cikin mutane ba, kuma maganinsa Alƙur'ani ne da addu'a. Baƙar kaza kuwa, duk wanda ya zaɓa miki launin dabbar da za a yanka, ki tambayi kanki wa ake yanka wa.

Kuma da za mu bi alamar da kanta, ai ba inda ya kai ki take kaiwa ba. Fura da nono ake dama ta. Annabi ya ga an ba shi nono a mafarki ya sha, ya ba Umar sauran, ya fassara shi da ilimi. Ban ce naki ma'anarsa ke nan ba, tunda na riga na gaya miki kwandon da na sa shi. Ina nuna miki ne cewa alama ba ta da fassara guda da ake ciro ta kamar farashin kaya. Ana ba da labarin Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa mutum biyu sun zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowanne, kuma kira ya zo a Alƙur'ani a wajen hajji, ya zo a wajen ayarin 'yan'uwan Yusufu da aka ce musu ɓarayi. Saboda haka ƙananan littattafan fassarar mafarki da ake shimfiɗawa a Kasuwar Dole, maciji abokin gaba, faɗuwar haƙori mutuwa, ba su san ke wace ce ba. An tambayi Imamu Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya ce: da annabci ake wasa?

Abin da za ki yi in ya sake zuwa sunna ta tsara shi. Ki yi tofi mara yawu ta hagunki sau uku, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya ɗaya gefen, in kin samu ƙarfi ki tashi ki yi nafila. Sai sharaɗin da ya fi wa mutanenmu wuya: kada ki faɗa wa kowa. An yi alkawarin cewa ba zai cutar da ke ba. Wani mutum ya zo wa Annabi ya ce ya ga an sare kansa yana bin sa a guje, aka hana shi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi cikin barci. Da na farkon nan ya tsaya tsakaninki da matashin kai, da wataƙila ba a yi na biyu ba. Gwaggonki ƙauna ce ta sa ta, ki gode mata, amma kada ki sake bin ta can.

Kafin ki kwanta ki ci wani abu, ki ajiye ruwa kusa, ki karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara, ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafe jikinki. Ki shiga gidan sauro. Cikin makon nan ki je awon ciki, ki gaya wa ungozoma kin yi ɓari bara kuma kin rage cin abinci, su duba jininki. In kika ga jini, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, likita za ki nufa a take, ko da tsakar dare ne. Ran girkin abokiyar zamanki kuma, idan ta dama fura ta miƙo, ki yi bisimilla ki sha, ki ce mata sannu da aiki.