Labarin motar da ta kwana a hanya

"Malam, na tsayar da motar fasinja a daji tun magariba har asuba, amma da na kai shafi na shida sai labarin ya mutu a hannuna. Ina kuskuren yake?"

Ɗana, na karanta shafukan da ka kawo mini, kuma abin da na gani shi ne ka rufe mutanenka a wuri guda, amma yadda suke a shafi na biyu haka suke a shafi na shida. Ƙuncin wuri kaɗai ba ya tayar da hankalin mai karatu, sai idan akwai abin da yake raguwa a cikinsa awa bayan awa.

Ka fara da toshe hanyoyin fita, domin mai karatu zai tambaya me ya hana su sauka su taka da ƙafa. Ruwa ya cinye gadar da ke gaba, wayoyi babu sabis, ƙauye mafi kusa kuma tafiyar awa 4 ce cikin duhu. Wannan ka gama shi a shafi ɗaya.

Daga nan ka zana motar a takarda, kujera bayan kujera, ni ma haka nake yi har yau. A ce fasinjoji 18 ne, to 4 kawai za ka ba suna. Ka zaunar da wata mata a layin baya, sa'annan da direba ya kunna fitilar ciki da ƙarfe 8, ta gane cewa mutumin da ke layi na biyu shi ne wanda ya yi shaidar zur aka ɗaure ƙaninta. Layi biyu ne tsakaninsu, kuma wannan tazarar ita ce agogon labarinka. Da ƙarfe 11 rufin ya fara yoyo a kan kujerarta, dole ta matsa gaba. Da ƙarfe 2 batir ya yi sanyi, fitilar ta mutu, jaririn wata ya ƙi yin shiru, aka roƙi mutumin ya bar wa mai jego wurinsa, sai ga shi kafaɗa da kafaɗa da matar nan, tana jin numfashinsa, shi kuwa bai san ko wace ce ba, har yana miƙa mata ragowar ruwan gorarsa.

Inda ka fi rauni shi ne waiwaye. Sau uku ka fita da mu daga motar zuwa yarintar direba, kuma duk lokacin da ka yi haka ka buɗe taga ne, zafin da ka tara ya fice. Abin da ya wuce ya fito daga bakin wani a cikin motar, a gaban wanda bai kamata ya ji ba.

Idan ka sake rubutawa, ka ɗauki fage biyu ka musanya musu wuri. In labarin bai lalace ba, akwai gyara tukuna, ka koma kan zanen kujerun nan ka duba wanda ya kamata ya matsa.