Mutum-mutumi a gidaje shida: yadda ake lissafin lada, ƙa'ida da ƙima

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon rubuta manhaja, na kai wurin da ake maganar MDP, sai na tsaya cak. Ina ganin `reward` da `policy` da `value` a cikin misalai, amma duk sun zame mini abu ɗaya. In dai an ba na'ura lada, me kuma ya kawo ƙima? Don Allah a yi mini bayani da lissafin da zan iya yi da biro.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ɗauko biron, ka zana gidaje shida, uku a sama uku a ƙasa:

```
A   B   C
D   E   F
```

Mutum-mutuminmu yana tsaye a ɗaya daga cikinsu. Gidan da yake ciki shi ne halinsa. Yana da motsi huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama, kuma in ya nufi bango sai ya tsaya inda yake. In ya shiga C ya samu +10, wasa ya ƙare. In ya shiga F, rami ne, ya samu −10, nan ma wasa ya ƙare. Duk wani taku ban da waɗannan ana cire masa 1. Waɗannan lambobin su ne lada, wato `reward`, kuma lada a nan har da na asara. Abin lura shi ne, lada na taku ɗaya ne tak. Yana gaya maka abin da ka samu yanzu, ba ruwansa da abin da zai biyo baya.

Da halaye, da motsi, da yiwuwar inda kowane motsi zai kai ka, da lada, in ka haɗa su ka samu MDP, tsarin yanke shawara na Markov. An raɗa masa sunan Andrey Markov, masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, saboda sharaɗi ɗaya: abin da zai faru a taku na gaba ya dogara ne ga halin da ake ciki yanzu da motsin da aka zaɓa kawai. Ko ta A ya biyo ya zo B, ko ta E, duk ɗaya ne. Richard Bellman ne ya shimfiɗa lissafin warware irin wannan matsala a 1957.

Ƙa'ida, wadda za ka gani a rubuce `policy` ko π, ita ce amsar tambayar "me zan yi a nan?" ga kowane gida. Misali: a A yi dama, a B yi dama, a D yi sama, a E yi sama. Ka zana kibiya ɗaya a kowane gida, ka gama rubuta ƙa'ida. Masu koyo kan ɗauka hanya ce daga mafari zuwa maƙura, alhali ta fi hanya faɗi, domin ko gidan da ba ka yi niyyar takawa ba sai ta tanadar masa kibiya. Nan gaba kaɗan za ka ga dalili.

Saura ƙima. Tsaya a D ka duba: duk motsin da ka yi ladansa −1 ne. Da lada kaɗai, babu abin da zai bambanta maka hanyar kirki da ta banza. Ƙimar gida, `V(s)`, ita ce jimlar ladan da ake sa ran tarawa daga wannan gida har ƙarshen wasa, in an bi wata ƙa'ida. Kada ka tsallake "in an bi wata ƙa'ida". Gida ba shi da ƙima shi kaɗai. E a hannun ƙa'idar da ke cewa "yi dama" ƙimarsa −10 ce, amma a hannun wadda ke cewa "yi sama" lamba ce mai kyau.

Ana kuma rage wa ladan da ke nesa nauyi da wata lamba, γ, tsakanin 0 da 1. Mu ɗauki 0.9. Ladan yanzu cikakke ne, na taku na gaba a ninka shi da 0.9, na bayansa da 0.81, haka dai. Daga nan lissafin Bellman ya fito, a duniyar da motsi ba ya kuskure:

```
V(s) = r + γ * V(s')
```

Wato ƙimar gida ita ce ladan takun nan, a haɗa da 0.9 na ƙimar gidan da aka sauka. Gidajen ƙarshe, C da F, ƙimarsu sifili ce, tunda an riga an biya ladansu wurin shiga.

Yanzu sa sifili a ko'ina, sannan a kowane zagaye ka ba kowane gida lamba mafi girma da ɗaya daga motsinsa huɗu zai iya kawowa, kana aiki da lambobin zagayen baya. A zagayen farko B ya samu 10, sauran uku −1. A na biyu labari ya isa maƙwabta: A ya zama −1 + 0.9 × 10 = 8, E ma 8, D kuwa bai ji ba tukuna, yana −1.9. A na uku D ya zama −1 + 0.9 × 8 = 6.2. A na huɗu babu abin da ya motsa, to an gama. Ka ga yadda +10 ɗin nan ya riƙa ja da baya gida-gida yana raguwa. Daga waɗannan lambobi ƙa'ida mafi kyau ke faɗowa da kanta: a kowane gida, zaɓi motsin da ladansa haɗe da 0.9 na ƙimar masaukinsa ya fi yawa. A D kunnen doki ne, ta A ko ta E duk 6.2.

Wurin da abin ke da daɗi shi ne in ƙasa ta yi santsi. Mu ce motsi yana tafiya yadda aka nufa kashi 80 cikin ɗari, kashi 10 ya zame zuwa gefe ɗaya, kashi 10 zuwa ɗaya gefen. Mai yin sama daga E zai iya tsintar kansa a D, ko a rami. Ga dalilin da ya sa kowane gida ke buƙatar kibiyarsa. Lissafin bai canza ba, sai dai yanzu kowane masauki ana ninka shi da yiwuwarsa:

```
V(E) = 0.8*(-1 + 0.9*V(B))
     + 0.1*(-1 + 0.9*V(D))
     + 0.1*(-10)
```

In ka rubuta irinsa ga sauran gidaje uku ka yi ta zagayawa, lambobin za su zauna kusa da nan: B 9.07, A 6.53, E 5.04, D 4.57. Wannan karon ba za su tsaya cak a zagaye na huɗu ba, canjin ne zai yi ta ƙanƙancewa, don haka a manhaja akan dakata in ya gaza wata 'yar lamba kamar 0.001.

Dubi A da E. Nisansu da C ɗaya ne, taku biyu-biyu, kuma ladan tsayuwa a cikinsu ɗaya ne, amma ƙimarsu ta rabu, saboda E na maƙwabtaka da rami. Kunnen dokin D ma ya warware: yin sama ya ba 4.57, yin dama ya ba 3.63. Babu wanda ya rubuta wa mutum-mutumin "guji E". Mu lada kawai muka sa a F, ƙima ce ta ɗauko haɗarin ta kai shi har D. Lambar da ake ba motsi ɗaya a gida ɗaya, irin 3.63 ɗin nan, ita ce za ka gani ana rubutawa `Q(s, a)`.

Gwada abu ɗaya kafin ka ajiye biron: mai da ramin −100. Yin sama daga E zai faɗi zuwa kusan −4.1, yin hagu kuma ya ba kusan 3.1. Kibiyar E ta juya ke nan, ta ba C baya. Da ido sai ka ce na'ura ta rikice, amma daidai ta yi, domin hagu ne kaɗai motsin da ko an zame ba a faɗa rami.

Tambaya: Malam, na rubuta irin wannan wasa, amma nawa mutum-mutumin sai yawo yake yi, ya ƙi shiga gidan nasara. Ina matsalar?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki zargi manhajar, duba ladan da kika sa wa taku na yau da kullum. Galibi nan ɓarnar take. A ce kin ba kowane taku +2 don ki ƙarfafa masa motsi, γ kuma 0.9. Yawo har abada zai tara 2 + 1.8 + 1.62, haka ba iyaka, jimlarsu 2 ÷ (1 − 0.9) = 20. Gidan nasara 10 yake biya ya rufe wasa. To me zai kai shi? Abin da kika biya shi ya yi, shi yake yi. Alamar wannan cuta a bayyane take: buga ƙimar duk gidajen ki gani, in duk sun zama lamba ɗaya da ta fi ladan nasara, kibiyoyi kuma suna nuna bango ko suna nuna juna, to ita ce. In kuwa γ ɗinki 1 ne cif, lambobin ba za su ma zauna ba, kowane zagaye hawa za su yi.

In ladan takun sifili ne da γ na 1, wani abu daban zai faru: duk gidajen da ake iya isa C daga gare su ƙimarsu 10 ce, ba gaggawa, sai ya zama buga bango da tafiya gaba duk ɗaya ne a lissafi. Maganinsa a cire 1 a kowane taku, ko a sauko da γ ƙasa da 1. Ni na fi son cire ɗayan, don ya fi sauƙin bibiya da ido.

In lada lafiya yake, sai ki duba sharaɗin Markov. Misali, ki ce C ba ya buɗuwa sai an ɗauko mabuɗi a D, amma halin da kika ba na'urar sunan gida ne kawai. To B mai mabuɗi da B marar mabuɗi sun zame mata abu ɗaya, alhali ɗaya na son dama, ɗaya na son komawa baya. Kibiya ɗaya ba za ta iya biyun ba. Gyaran shi ne hali ya zama gida haɗe da "akwai mabuɗi ko babu", halaye shida su koma 12. Ki sani kowane irin wannan ƙari ninka teburin yake yi: abubuwa goma masu e ko a'a za su ninka shi sau 1,024, don haka ki sa abin da ke canza sakamakon taku na gaba kawai, ki bar sauran.