Takardar tunin bashi ga Hajiya mai albasa

Wani yarona a ofishinmu na ba da rance ya tambaye ni: "Maigida, wata Hajiya mai sayar da albasa ta wuce ranar biya da kwana 12. Na rubuta mata: 'Wannan ne gargaɗi na ƙarshe, in ba ki biya ba za mu kai ki komsariya, mu kwashe kayanki.' Ka ce in sake. To in na sassauta, ba za ta raina mu ba?"

Yarona, kafin ka ɗauki biro, fara duba littafin kes. Na taɓa ganin macen da ta ba shugabar ƙungiyarsu ta masu karɓar rance kuɗin biya, ba a shigar ba, takarda ta same ta a gida. Ba ta ƙara tako ofishinmu ba.

In ka tabbata ba ta biya ba, to ka san cewa abin da ka rubuta ba ya hannunmu. Bashi maganar kotu ce, ba ta komsariya ba, kuma ba a taɓa kayan mutum sai da hukunci da ma'aikacin shari'a mai zartar da shi. Hajiya 'yar kasuwa ce, ta san wannan. Ranar da ta ga ba mu aikata ba, duk takardar da za ta biyo baya ta zama iska.

Ƙarfin takarda yana cikin lissafi da rana. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kasuwa lafiya. Muna tuna miki biyan wannan wata na jika 27 da dala 100, wanda ranarsa ta kama 5 ga wata, yau kwana 12 ke nan bai shigo ba. Muna jiran ki kawo shi nan da Litinin 22 ga wata. Kuɗin jinkiri yana hawa kamar yadda yake a yarjejeniyar da kika sa wa hannu. In akwai abin da ya tsare ki, ki zo ofis ko ki kira mu kafin ranar, mu zauna mu duba. Mun gode."

Na zaɓi Litinin ne saboda kasuwar Tawa Lahadi take ci, kuɗi na hannunta washegari. "Da gaggawa" ba rana ba ce, kowa da tasa gaggawar. Kuɗin jinkiri kuwa na ambace shi don yana cikin yarjejeniya. Abin da ba ya ciki, ko da wasa kada ka sa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai karanta. Da yawa daga cikin matan nan ɗansu ne ko yaron maƙwabta ke karanta musu, da ƙarfi, a tsakar gida, wataƙila kishiya na ji. Don haka babu "kin ci amana", babu sunan mijinta, babu na wadda ta tsaya mata. Wadda aka kunyata kashe waya take yi, daga nan kuma sai ka yi ta sintiri ƙofar gidanta ana ce maka ta fita.

Je ka sake rubutawa, ka kawo mini in gani kafin la'asar. In Litinin ta wuce shiru, ni da kai za mu je rumfarta.