Ɗana ya daina yi mini magana: wane littafi zan karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne a Tudun Wada, Kaduna. Babban ɗana shekararsa 15, yana aji huɗu a sakandare. Tsakanina da shi daga gaisuwa sai aike. In na tambaye shi wani abu, amsar ba ta wuce "to" ko "ba komai". Kwanan nan kuma ya fara kaiwa dare a gidan kallon ƙwallo, in na yi faɗa ya sunkuyar da kai, gobe ya sake. Wane littafi zan karanta na iya magana da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Littattafan tarbiyya iri biyu ne, kuma yawancin iyaye maza da suke zuwa ofishina a makaranta iri ɗaya suka sani. Akwai masu gaya maka abin da za ka koya wa yaro, akwai masu nuna maka yadda za ka buɗe baki har ya saurare ka. Na biyun kake nema.

A cikin na farko, wanda ya fi shahara shi ne Tarbiyatul Aulad fil Islam na Shaikh Abdullahi Nasih Ulwan, malamin Siriya da ya rasu a 1987. Mujalladi biyu ne, ya bi tarbiyyar imani, ɗabi'a, jiki, hankali, zuciya, zamantakewa, har da sha'anin balaga. Ka tambayi masu littattafan addini a Kasuwar Gumi ko wajen Masallacin Sultan Bello. Sai dai kada ka ce za ka fara daga shafin farko, za ka gaji kafin ka iso inda ɗanka yake. Nufi kashi na uku, inda ya yi bayanin hanyoyin tarbiyya: koyi, sabo, wa'azi, lura, sannan horo a ƙarshe. Wani zai ce maka ka sayi Tuhfatul Maudud na Ibnul Ƙayyim. Littafi ne mai daraja, amma ƙarfinsa yana kan jariri, wato suna da yanka da kaciya. Kai ka wuce nan da shekara goma sha biyar.

Wanda zan fi so ka riƙe shi ne How to Talk So Teens Will Listen & Listen So Teens Will Talk, na Adele Faber da Elaine Mazlish, wanda ya fito a 2005. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma cike yake da zane-zane: ga uba ya yi magana ta hanyar da ta rufe bakin yaro, ga shi kuma ya sake ta wata hanyar. Babi na ɗaya da na huɗu sun ishe ka wata guda.

Abin da babi na ɗaya yake koyarwa shi ne ka fara karɓar abin da yaro yake ji kafin ka gyara masa. A ce ya furta, "Malamin lissafinmu ba ya so na." Amsar da ke kan harshen kowane uba ita ce, "Da kana karatu da ya so ka." Wataƙila ma gaskiya ce, amma hira ta mutu ke nan. Littafin zai ce ka yi "Uhm," ko "Ashe? Abin ya ɓata maka rai ke nan," sannan ka ja bakinka. Wannan shirun ne aikin, kuma shi ya fi wa iyaye maza wuya. Na sha ganin uba ya ƙirga daƙiƙa uku ya kasa, ya ɓarke da nasiha.

To amma Amurkawa suka rubuta shi, don gidajen da yaro yake kallon idon ubansa yana musu. Naka ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninku, ƙila ko sunansa ba ka kama wa. In ka kira shi ɗaki ka ce "Zauna mu yi magana," zai tsuguna ya kafe tabarma da ido, domin a saninsa kiran uba ɗaki shari'a ce. Sunkuyar da kan nan ladabi ne, ba amincewa ba, shi ya sa gobe yake sakewa. Saboda haka ka ɗauki dabarar littafin, ka canja mata wurin zama. Duba hadisi na 19 a Arba'una ta Nawawi: Ibnu Abbas yana bayan Annabi (SAW) a kan abin hawa aka yi masa wannan babbar wasiyya. Goya shi a babur ya raka ka Kasuwar Barci, ko ku taka tare daga masallaci bayan Isha'i. Yaron da ba a tsare shi da ido ba, bakinsa ya fi saurin buɗewa.

Yanzu ga batun ƙwallo, da matakai biyar na babi na huɗu. Ba daren da ya makara za ka yi ba, ranka a ɓace, shi kuma a tsorace. Bari sai Asabar da hantsi. Fara da jin nasa: "Wai me ke riƙe ku a can har sha ɗaya?" Zai ce ba komai. Kada ka zafafa, tambaye shi ƙungiyar da yake goyon baya da ranar da take wasa. A nan za ka gano cewa wasannin dare na tsakiyar mako sai ƙarfe takwas ko tara ake farawa, kuma tashi ana tsakiyar wasa abin dariya ne a wurin abokansa. Sai ka faɗi naka a jimla biyu kacal: "Ni in goma ta wuce ba ka shigo ba, ba na iya barci, ka san halin dare a gari. Ga shi kana makara Asuba da makaranta." Daga nan ku kawo mafita tare, a rubuta kowacce ba tare da kushewa ba, har wadda kake ganin shirme ce. Littafin ya ce a takarda, amma in takarda za ta sa abin ya koma kamar ofishin 'yan sanda, ku lissafa da baki. A ƙarshe ku zaɓa. Misali wasannin Asabar da Lahadi na yamma ya je, na dare sau ɗaya a mako, ya dawo tare da ɗan maƙwabci da ka sani, in ya saɓa ya rasa na mako mai zuwa. In kana jin tambayar ra'ayin ɗa zubar da girma ne, karanta aya ta 102 a Suratus Saffat, inda Annabi Ibrahim ya ce wa ɗansa ya duba me ya gani, a kan lamarin da ya fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba.

Makon farko zai yi zaton tarko ne, don haka kada ka yanke hukunci kafin wata guda. Alamar an fara cin nasara ƙarama ce: ya ba ka labarin da ba ka tambaya ba, ko ya zauna inda kake ba tare da an kira shi ba. Abin da ya fi rusa aikin shi ne ya faɗa maka wani abu a hira, kai kuma ka ɗauko shi ranar faɗa, ko ka kai wa ƙannenka ana dariya. Sau ɗaya ya isa ya rufe bakinsa shekara.

Akwai kuma shirun da littafi ba ya magani. In ba kai kaɗai ya ƙaurace wa ba, har mahaifiyarsa da abokansa, ko abinci da barci sun rikice sama da mako biyu, ko kuɗi na ɓata a gida, idonsa ja, maganarsa na jan harshe irin na masu shan maganin tari, ko ya taɓa cewa gara ya mutu, to ajiye littafin. Ka ga malamin ajinsa a wannan makon, sannan ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ka tafi da mahaifiyarsa ko kawun da ya fi sakewa da shi.